Karanta katin awo daga sama zuwa ƙasa

Katin awon ciki takarda ce da hannuwa da yawa ke taɓawa. Wata ce ke ɗora mace a sikeli, wata ta auna mata jini, wata ta duba fitsari, sannan ungozoma ta kwantar da ita ta ja tef a kan ciki. Kowace ta rubuta nata a layin ranar ta miƙa gaba, ga mata cike da benci suna jira. Bayan wata guda mai cikin ta dawo, a buɗe sabon layi a ƙarƙashin na baya, sau da yawa da wani biro da wani rubutun daban. Haka ake cika katin, daga hagu zuwa dama, ziyara ɗaya layi ɗaya. Amma yawancin matsalolin da ake zuwa awo domin a gano su ba sa bayyana a layi ɗaya. Sai an karanta katin daga sama zuwa ƙasa, an jera awon jinin watan jiya kusa da na yau, tsayin cikin watan jiya kusa da na yau, kafin a ga inda abin ya dosa. A katin da ya sha ninki a jaka, wanda ke ɗauke da rubutun mutum huɗu da guraben da ba a cike ba, wannan karatun yana da wuya. Shi ya sa ake kwashe abin da ke katin a zuba shi a jadawali ɗaya mai tsabta.

Masu wannan aikin suna da yawa. Ɗalibar makarantar ungozoma tana yi idan za ta gabatar da bayanin mai ciki a gaban malamarta. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti tana yi idan za ta tura mace babban asibiti, don likitan da zai karɓe ta ya ga watanni biyar a kallo ɗaya. Ita kanta mai cikin, ko mijinta, ko wata 'yar'uwarta mai karatu, za su iya yi a takardar littafin rubutu, tunda a wurare da yawa katin a hannun mai shi yake kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2016, ta goyi bayan mace ta riƙe takardun awonta, kuma a nan ne ta ɗaga yawan ganawa da ma'aikatan lafiya daga huɗu zuwa takwas: ɗaya cikin makonni 12 na farko, sai a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ƙarin ziyara ƙarin layuka ne, kuma layuka takwas sun fi ƙarfin a riƙe su a ka.

Bari mu ɗauki kati guda mu bi shi. Ba na wata takamaimiyar mace ba ne, na tsara shi ne don misali, amma duk abin da ke cikinsa irin wanda ake gani ne a katunan gaske. Mai katin yarinya ce mai cikin fari. Ta yi awo uku a asibitin unguwar mijinta, da ciki ya tsufa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta ci gaba da awo a wani ƙaramin asibiti da ke kusa da su. Ziyara shida ke nan, asibiti biyu.

Abu na farko shi ne raba abin da ba ya sauyawa da abin da ke sauyawa. A saman katin akwai bayanan da ake rubutawa sau ɗaya: shekarun mace, ciki na nawa ne, haihuwa nawa, rukunin jini, da ranaku biyu masu muhimmanci. Ta farko ana rubuta ta LMP, wato ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara zuwa. A lura, ranar da ya fara, ba ranar da ya ɗauke ba; mata da yawa ranar wankan tsarki suke faɗa, kuma wannan kaɗai ya isa ya karkatar da lissafi da kusan mako guda. Ta biyu EDD, ranar da ake sa ran haihuwa. Waɗannan ba sa shiga cikin jadawali, a samansa ake rubuta su. Yarinyarmu ta ce al'adarta ta ƙarshe ta zo mata a makon farko na watan azumin tsofaffi, da aka duba kalanda aka tsayar da 6 ga Janairu 2025. A ƙara kwana bakwai da wata tara, ya ba da 13 ga Oktoba 2025, wato kwana 280 ko mako 40 cif. Wanda zai yi jadawali ya sake wannan lissafin da kansa kafin ya taɓa komai, domin idan ranar nan ta karkace, duk abin da aka ɗora a kanta ya karkace.

Daga nan sai layukan ziyara. A kan katunan Najeriya za a ga GA, makonnin ciki. BP, awon jini. SFH ko FH, tsayin ciki daga saman ƙashin mara zuwa ƙololuwar mahaifa, da santimita. Sai gurbin nauyi, na fitsari, na kwanciyar jariri, na bugun zuciyarsa, da na kumburi. Ba duka ne za su shiga jadawali ba. A zaɓi waɗanda sauyinsu ke da ma'ana. Kwanciyar jariri, alal misali, kafin mako na 36 ba ta da wani nauyi sosai, yaro yana ta juyawa abinsa, don haka ya isa a rubuta ta ƙarshe a ƙasan jadawalin. Ga yadda na yarinyarmu ya fito:

| Ranar awo | Makon da aka rubuta | Makon lissafi | Tsayin ciki | Rata | Lambar sama | Lambar ƙasa | Furotin a fitsari | Nauyi |
|---|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 30 Afrilu | 16 | 16+2 | 16 | 0 | 110 | 70 | babu | 58 |
| 4 Yuni | 21 | 21+2 | 21 | 0 | 100 | 60 | babu | 60 |
| 9 Yuli | 26 | 26+2 | 26 | 0 | 110 | 70 | babu | 62 |
| 4 Agusta | 29 | 30+0 | 29 | −1 | 120 | 80 | ba a rubuta ba | 63.5 |
| 3 Satumba | 30 | 34+2 | 30 | −4 | 130 | 80 | ɗan alama | 65 |
| 17 Satumba | 31 | 36+2 | 31 | −5 | 136 | 88 | 1+ | 68 |

Layukan tsaye guda biyu a nan ba daga katin aka kwafo su ba, mai jadawalin ne ya ƙara su: makon lissafi da rata. Kusan duk amfanin aikin a cikinsu yake, don haka za mu daɗe a kansu.

Makon lissafi ana samunsa ne ta ƙirga kwanaki daga ranar al'adar ƙarshe zuwa ranar awo, a raba da bakwai. Mu gwada da 3 ga Satumba. Daga 6 ga Janairu, saura kwana 25 watan ya ƙare. A ƙara Fabrairu 28, Maris 31, Afrilu 30, Mayu 31, Yuni 30, Yuli 31, Agusta 31, da kwana 3 na Satumba. Jimilla 240. A raba da bakwai, an sami 34, saura biyu. Ciki yana mako 34 da kwana biyu, abin da ake rubutawa 34+2. Amma a katin, a gurbin makonnin ciki na wannan ranar, 30 aka rubuta.

Ta yaya aka yi haka? Ba sai an zargi kowa da sakaci ba, hanyar da kuskuren ke shigowa sananniya ce. Daga wajen mako na 24, tsayin ciki da santimita yakan yi kusan daidai da yawan makonni, da sassaucin santimita biyu sama ko ƙasa. Saboda wannan dacewar, idan cunkoso ya yi yawa kuma babu faifan lissafin ciki a kusa, wasu sukan auna ciki, su ga 30, su rubuta 30 a gurbin tsayi, su kuma rubuta 30 a gurbin makonni. Wanda ya zo ya karanta layin daga hagu zuwa dama zai ga mako 30, tsayi 30, ya ce lafiya lau. Alhali lamba ɗaya ce aka rubuta sau biyu. Ana auna tsayin ciki ne don a gwada shi da shekarun cikin, to idan daga tef ɗin aka samo shekarun, babu sauran abin gwadawa. Jaririn da ya daina girma ba zai taɓa fitowa a irin wannan katin ba, sai dai a riƙa ganin kamar cikin ne bai tsufa ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai tona wannan ko da ba a san ranar al'ada ba. Tsakanin 4 ga Agusta da 3 ga Satumba kwana 30 ne, fiye da mako huɗu, amma gurbin makonni ya matsa daga 29 zuwa 30 kawai. Tsakanin ziyarar farko da ta ƙarshe kwana 140 ne, mako 20 daidai, amma katin ya tashi daga 16 ya tsaya a 31, wato 15. Mako biyar sun ɓace. Ciki ba ya jinkirta kalanda. Duk lokacin da tazarar ranakun awo ta saɓa da tazarar makonnin da aka rubuta, to ɗaya daga cikinsu ba daidai ba ne, kuma yawanci makonnin ne.

Da aka gyara makonni, sai ratar ta fito: sifili, sifili, sifili, sai ragin ɗaya, ragin huɗu, ragin biyar. Mai hankali ba zai yi saurin yanke hukunci ba, domin akwai dalilai da dama da ke sa tef ya ba da ƙaramar lamba. Na farko, mai yiwuwa ranar al'adar ce ba daidai ba. Wannan yana yawan faruwa, musamman ga wadda ta yi kwanika, ta sami ciki tana shayarwa ba tare da ta ga al'ada ba, ko wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci. Amma a nan jadawalin da kansa ya amsa: ziyara uku na farko sun dace da ranar, kuskuren rana kuwa da tun farko zai nuna kansa, ya kuma ci gaba da rata iri ɗaya, ba rata mai ƙaruwa ba. Na biyu, hannu ya sauya. Ungozoma biyu za su auna ciki ɗaya a rana ɗaya su bambanta da santimita ɗaya ko biyu, kuma yarinyarmu ta sauya asibiti a Agusta. Wannan zai iya bayyana ragin ɗayan na 4 ga Agusta. Ba zai bayyana sauran ba, tunda a cikin sabon asibitin kaɗai ciki ya ƙaru da santimita biyu a fiye da mako shida, inda ake sa ran kusan shida. Na uku, jariri ya kwanta a gicciye ko kansa ya sauka cikin ƙugu, duka biyun suna rage tsayi, kuma a nan ne za a koma gurbin kwanciyar jariri a duba. Idan waɗannan ba su warware ba, abin da ya rage shi ne jariri ba ya girma yadda ya kamata, ko ruwan da yake ciki ya ragu. Tef ba zai iya rarrabe su ba, sai hoton ciki.

Shi ma hoton yana da tarkonsa. Hoton da aka yi da wuri, musamman a watanni ukun farko, shi ne mafi inganci wajen tsayar da shekarun ciki, kuma idan ya saɓa da ranar al'ada sosai likita yakan ɗauki nasa. Hoton da aka yi a watannin ƙarshe kuwa yana iya kuskure da mako uku, domin girman jariri yake aunawa ya kintata shekaru. Jaririn da ya tsumbure zai fito a takardar hoton a matsayin ƙaramin ciki, da sabuwar ranar haihuwa a can gaba. Sai ka ga kati ɗaya da ranakun haihuwa uku, kowace da biron wani. Dokar mai jadawali ita ce ya tsaya a kan rana ɗaya, wadda ma'aikatan lafiya suka tsayar tun farko, ya rubuta a sama daga ina ta fito, ya lissafa dukkan layuka da ita. Sauran ranakun ya ambace su a gefe tare da ranar da aka yi hoton.

Yanzu awon jini. An raba shi gida biyu a jadawalin, lambar sama daban, ta ƙasa daban, don ido ya iya bin kowace. Iyakar da aka sani ita ce 140 a sama ko 90 a ƙasa; daga nan ake cewa jinin mai ciki ya hau, idan ya kai 160 ko 110 kuma ya yi tsanani. A katin yarinyarmu babu ranar da ta taɓa wannan iyakar, saboda haka kowane layi shi kaɗai ya tsallake. Amma a bi lambar ƙasa: 70, 60, 70, 80, 80, 88. Saukar da ta yi zuwa 60 a Yuni ba abin damuwa ba ne, jinin mai ciki yakan ɗan sauka a tsakiyar ciki ya sake komawa inda yake gab da haihuwa. Don haka adalci shi ne a gwada 88 da 70 na ziyarar farko, ba da 60 ba. Ko da hakan, ƙarin 18 ne, lambar sama kuma ta tashi daga 110 zuwa 136, kuma tun Yuli babu wadda ta sauko. Wannan hauhawar ita kaɗai ba ta isa a sa wa mace sunan ciwo ba. Ta isa a sake auna ta bayan ta huta, a kuma matso da ranar dawowarta.

Wani abu da jadawali ke nunawa a nan shi ne yawan sifili a ƙarshen lambobi. Idan aka auna da na'urar hannu, mutane sukan kai lamba zuwa goma mafi kusa, 84 ta zama 80, 86 ta zama 90 ko ta koma 80. Saboda haka 80 da 80 na Agusta da farkon Satumba ba lalle ne su zama abu ɗaya ba. Mai jadawali ba zai iya gyara wannan ba, amma ya kamata ya san cewa lambobin ba su kai yadda suke nunawa kaifi ba.

Gurbin fitsari shi ne inda aka fi yin ɓarna wajen kwafa. A katin za a ga Nil, wato an gwada ba a ga komai ba. Ko Trace, ɗan alama. Ko alamar tarawa ɗaya, biyu, uku. Wani lokaci kuma gurbin fayau yake, ko an ja ɗan layi. A ranar 4 ga Agusta haka aka bar shi. Mai kwafa da sauri zai ga uku na sama duk babu, ya cika na huɗun da babu. Ya ƙirƙiro sakamakon gwajin da mai yiwuwa ba a yi ba, wataƙila tsinken gwajin ne ya ƙare ranar, wataƙila yarinyar ce ba ta kawo fitsarin ba. Babu daban, ba a rubuta ba daban, ba ya karantuwa kuma daban, kuma kowanne sai an rubuta shi da sunansa. Idan lamba ta shige wa mutum duhu, bai san 1 ba ce ko 7, ya sa alamar tambaya ya koma wurin wadda ta rubuta, kada ya zaɓi wadda ta fi dacewa da sauran.

Ɗan alamar furotin shi kaɗai ba ya cewa komai. Fitsarin da ya yi kauri saboda zafi da ƙarancin shan ruwa yana iya ba da shi, haka ciwon mafitsara, haka ruwan gaba idan ya gauraya da fitsarin. Abin da ya ba shi nauyi a wannan katin shi ne abokan tafiyarsa. Furotin ya tashi daga babu zuwa ɗan alama zuwa 1+ a daidai makonnin da jini ke hawa, ciki ya tsaya, nauyi kuma ya yi tsalle. A watannin ƙarshe mace takan ƙara wajen rabin kilo a mako. Yarinyarmu ta ƙara kilo uku a mako biyu, a sikelin asibiti ɗaya, kuma irin wannan yawanci ruwa ne ke taruwa a jiki. Ciki ba ya girma amma uwa tana nauyi. Waɗannan huɗun idan suka haɗu a mai cikin fari bayan mako na 20, abin da ma'aikacin lafiya zai fara tunani shi ne ciwon nan na hawan jinin masu ciki da ke tasowa daga mabiyiya, wanda idan ya yi nisa yake kai mace ga jijjiga. Jadawalin bai tabbatar da ciwon ba, ba aikinsa ba ne. Abin da ya yi shi ne ya mai da "ki dawo bayan mako biyu" ya zama "ki ga likita yau".

Sauran bayanan ba sa buƙatar gurbi a kowane layi, gara a yi musu ɗan wuri a ƙasa, kowanne da ranarsa. Gwajin yawan jini, wanda ake rubutawa PCV, an yi wa yarinyarmu sau biyu: 34 a Afrilu, 31 a Yuli. Ƙasa da 33 ana lissafa shi ƙarancin jini a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ko da yake asibitoci da yawa a Najeriya 30 suke ɗauka iyaka. Kada a ja 31 ɗin nan a cika layukan Agusta da Satumba da ita. Abin da ya kamata ya fito fili shi ne mako goma ke nan ba a sake gwadawa ba. Wani katin Hb yake rubutawa maimakon PCV, kuma ita kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta PCV, don haka 11 a can daidai take da wajen 33 a nan; idan aka haɗa su a layi ɗaya ba bayani, sai a ga kamar jinin mace ya zube. Haka maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sani da Fansida, wanda ake fara bayarwa daga mako na 13, da tazarar aƙalla wata guda, sau uku ko fiye. Da allurar tetanos, wadda ta biyu ke bin ta farko da aƙalla mako huɗu. A nan ranakun ake bukata, ba alamar cewa an bayar ba kawai, don ungozoma ta gaba ta san ko lokaci ya yi.

Matan da ke awo a tsallaken iyaka, a ce ta fara a Maraɗi ta ƙarasa a Jibiya ko Katsina, katinsu na buƙatar ƙarin kula. Katin Nijar da Faransanci yake: DDR a madadin LMP, TA a madadin BP, HU a madadin tsayin ciki. Awon jini kuma sau da yawa 12/8 ake rubutawa, wato 120/80, sai an ninka da goma kafin a jera shi da na Najeriya. Tsarin Faransa kuma yana sa ran tsayin ciki ya gaza yawan makonni da wajen santimita huɗu, ya tsaya wajen 32 zuwa 34 a ƙarshen ciki. Wanda ya ɗauki lambar can ya auna ta da dokar nan zai tayar wa mutane hankali a banza. A irin wannan jadawalin a ja layi inda asibiti ya sauya, a gwada kowane ɓangare da kansa.

Biro da rula sun isa wannan aikin. Wanda zai yi a kwamfuta ko waya da Excel ko Google Sheets zai huta da ƙirga kwanaki. Idan ranar al'ada tana B1, ranar awo kuma tana A4, waɗannan biyun za su ba da makonni da sauran kwanaki:

```
=INT((A4-$B$1)/7)
=MOD(A4-$B$1,7)
```

Sai dai manhajar tana da nata shisshigin. Ka rubuta 12/8, ta mai da shi kwanan wata, wanda ƙarin dalili ne na raba awon jini gida biyu. Ka rubuta 4/6/2025 kana nufin 4 ga Yuni, idan an saita ta a tsarin Amurka ta karanta 6 ga Afrilu, lissafin makonni ya ruguje ba tare da wani gargaɗi ba. Alamar da za a gane ita ce makonni su koma baya a tsakiyar jadawali. Abin da ya fara da alamar tarawa kuma tana iya ɗaukarsa lissafi, don haka a rubuta 2+ maimakon alamomi biyu a jere. Kada kuma a rubuta 34+2 a matsayin 34.2, mako kwana bakwai ne ba goma ba.

Katin asali ba a taɓa shi. Ko an tabbatar makonnin da ke ciki kuskure ne, ba a gogewa, ba a rubutu a kai; shi ya sa jadawalin ya ajiye makon da aka rubuta kusa da makon lissafi, don ungozoma ta ga bambancin da idonta ta gyara da hannunta ta sa hannu. Ni a ganina yadda ake kai mata maganar ma yana da tasiri. "Malama, na ga kamar ranakun nan ba su dace da makonnin ba, ko za ki duba mana?" ya fi a ajiye mata takarda a ce an kama kuskure. Katin kuma yana ɗauke da sirri, har da sakamakon gwajin ƙanjamau da tarihin ɓari, saboda haka jadawalin da zai bar hannun mai shi ya ɗauki lambar kati maimakon suna, ba a kuma tura hotonsa a zauren WhatsApp na dangi don neman wanda zai fassara.

Akwai abubuwan da ba sa jiran jadawali ko ranar awo. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, zubar jini, fashewar faya kafin lokaci, zazzaɓi mai zafi, ko jariri ya rage motsi. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu asibiti za ta nufa a lokacin, ko tsakar dare ne, da katin a hannunta, ko da layin awonta na jiya bai nuna komai ba.